An Ɗan Taɓa

A gidanmu ba a cewa "na iya." Tun muna yara, in ka dawo daga makaranta kana tsalle ka ce ka zo na ɗaya, Baba zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Yabon kai jahilci," ya ci gaba da jan carbinsa. Ni ce auta, kuma Allah ya yi ni da baki, don haka maganar ba ta taɓa kama ni sosai ba. Wanda ta kama har ƙashi shi ne Yaya, babban wanmu. Shi ne ɗan fari, ko sunansa bai taɓa ji daga bakin Inna ba. In za ta kira shi sai ta ce "kai wannan," in za ta yi maganarsa ta ce "babbanku." Ya tashi a haka, kuma bai taɓa ganin an rage shi da komai ba.

Shekara goma sha tara Yaya ya yi yana tantance auduga a wani kamfanin gurza a nan Funtuwa. Aikinsa shi ne ya tsaya a bakin sikeli, in an sauke buhu ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan lamba biyu, wannan kuwa an yayyafa mata ruwa a hanya don ta yi nauyi. Na taɓa kai masa abinci ina 'yar sakandare, na ga wani dillali yana rantsuwa har da Alƙur'ani cewa audugarsa a bushe take. Yaya bai ce masa ƙarya yake ba. Ya dai ciro dunƙule daga can tsakiyar buhun, ya kama hannun mutumin ya ɗora masa a kumatu. Dillalin ya ja buhunsa gefe ya baza a rana.

Da kamfanin ya rufe, Yaya ya shekara biyu yana fita da safe cikin wankakkun kaya kamar mai zuwa aiki, ya je ya zauna a kasuwar hatsi wajen abokansa, in dillali na son a duba masa waken suya ko masara ya duba. Ba aiki ba ne, zaman rage rana ne. Gonar gado kuma tana can yamma inda mutane suka daina zuwa da kwanciyar hankali. Sai ƙanen matarsa da ke Zuba, kusa da Abuja, ya samo masa gadi a wani gidan sayar da bulo, ya ce za a riƙe masa wurin har ƙarshen kaka. Yaya ya ce to. Mu duka mun san abin da wannan "to" ɗin ke nufi. Inna idonta ya yi rauni, shi ke ɗiga mata magani kowace safiya, shi ke riƙe hannunta zuwa asibiti. In ya tafi, ga matarsa da yara huɗu, ga Inna, ga ni da nawa gidan a wata unguwa da aikin koyarwa a firamare.

Ana cikin haka wata sanarwa ta zagayo a zauren hira na waya na tsofaffin ma'aikatan kamfanin. Wani kamfani zai buɗe wurin sayen auduga da waken suya a Malumfashi, yana neman mai tantance kaya. Ba kamfanin ne ke ɗauka da kansa ba, wani ofishin ɗaukar ma'aikata a Kaduna ya ba kwangilar. Da na karanta sai da na ce wannan ai da awon Yaya aka ɗinka rigar. Malumfashi tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ya tafi da safe ya dawo ya kwana a gida. Na ɗauki hoton takardunsa na tura da wayarsa. Bayan mako guda amsa ta zo a rubuce daga wata mata a ofishin. Ta ce yana cikin waɗanda aka ware, kuma kafin a kira mutum ganawa ana so ya turo saƙon murya da Hausa, kada ya wuce minti ɗaya, ya faɗi sunansa da garinsu, aikin da yake nema, shekarun da ya yi a harkar, abin da ya iya, da lokacin da za a same shi a waya. Za a rufe karɓa ranar Alhamis da ƙarfe sha biyun rana. Ta ƙara da cewa aikin na magana da manoma ne, shi ya sa suke son jin bakin mutum.

Ranar Talata da la'asar na je gidan da littafin rubutu na 'yan ajina, na yage takarda daga tsakiya. Muka zauna a tsakar gida kan tabarma, Inna na gefe tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na ce, "Yaya, minti ɗaya ba a shigarsa da ka. Bari in rubuta maka, kai dai ka karanta."

Ya ce, "To, Malama." Haka yake kirana in yana son tsokana.

Har yau ina da takardar. Ga abin da na rubuta:

"Assalamu alaikum, Hajiya. Sunana wane, daga Funtuwa. Ina magana ne kan aikin mai tantance kaya a Malumfashi. Na yi shekara goma sha tara ina tantance auduga a kamfanin gurza, shekara shida daga ciki ni ne shugaban masu tantancewa. Na iya gane audugar da aka sa wa ruwa ko yashi da hannuna, kuma na iya aiki da na'urar auna danshi. Na san waken suya, na san masara. Na saba da manoman Malumfashi da Ƙarfi, su ma sun san ni. A shirye nake in fara ranar da kuka ce. Ana samuna a wannan lambar daga safe har magariba. Na gode."

Na karanta da agogo a hannu, sakan arba'in da biyar. Na miƙa masa ina jin kaina kamar wadda ta gama gina gida.

Ya karanta a zuci, leɓensa na motsi. Ya ɗago ya ce, "Ina gaisuwar?"

Na ce, "Ga sallama nan."

"Sallama daban, gaisuwa daban. Baiwar Allah ba ta san ni ba, ban san ta ba, sai kawai in faɗa mata da buƙata kamar wanda ya zo karɓar aro? Ko ya aiki ba za a ce mata ba?"

Na ce in ya tsaya ya aiki, ya gida, ya yara, rabin mintin ya tafi, kuma ba amsawa za ta yi ba, magana ce shi kaɗai zai yi a cikin waya. Ya yarda da wannan da ƙyar. Sai ya ɗora yatsa kan layi na biyar.

"Wannan 'na iya, na iya' ɗin fa? Har sau biyu. Ga kuma 'ni ne shugaba.' Auta, wannan ai kirari ne."

"Ƙarya na rubuta?"

"Ba ƙarya ba ce. Amma ba ni ya kamata in faɗa ba. Su tambayi mutane mana."

Na ce, "Waɗanne mutane, Yaya? Matar nan tana Kaduna. Ba ta da kowa a kasuwar Funtuwa da za ta tambaya. Abin da ka faɗa mata shi kaɗai ta sani."

Inna ta ce daga inda take, "Ke dai kin cika azarɓaɓi. Mai abu ai ba ya talla. Ubanku har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya ce ya iya komi ba."

Na so in ce ai Baba bai taɓa neman aiki ta waya ba, na haɗiye.

Muka fara gwaji. Na ce ya riƙa turo mini a wayata, mu saurara tare kafin a tura wa matar. Na farko ya danna ya yi shiru har sakan goma, ya saki. Na biyu ya kai "na iya" ya ce "ana ɗan iyawa." Na uku akuyar maƙwabta ta sa baki. Na huɗu ya yi kyau har tsakiya, sai ya mayar da "na yi shekara goma sha tara" ya zama "mun yi." Na ce, "Ku da wa? Mutum nawa za a ɗauka?" Matarsa ta tuntsire da dariya daga kicin, shi ma ya yi, amma na ga gumi a goshinsa. Mutumin da ke tsayawa gaban dillalai ashirin suna hayaniya bai girgiza ba, ga shi 'yar waya ta gagare shi. Raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya kama ni, ban san wanda zan bi ba a cikin biyun.

Ranar Laraba na dawo. Wannan karon na kore kowa, na sa shi ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, na ce ya ɗauka ba mutum zai gaya wa ba, karatu ne kawai yake yi kamar na allo. Na zauna a bakin ƙofa. Sau uku ina jin ya fara ya tsaya. A na huɗu saƙo ya shigo wayata, sakan hamsin da biyu. Na kara a kunne.

Ban taɓa jin Yaya haka ba. Muryarsa a zaune, ba gaggawa, ba in'ina. Da ya zo "na iya gane audugar da aka sa wa ruwa ko yashi da hannuna," ya faɗe ta kamar yadda yake faɗin lamba a bakin sikeli. Sai da idona ya cika. Na buga ƙofar na ce, "Shi ke nan! Wannan za ka tura. Kawo wayar in tura maka yanzu."

Ya fito yana share fuska da hula. Ya ce, "Bari dai in kwana da shi. Ai sai gobe sha biyu."

Na ce a tura yanzu a huta. Ya ce yana so ya yi addu'a a kai. Wa zai hana mutum addu'a? Na nuna masa yadda zai danna saƙon ya riƙe, ya zaɓi turawa, ya zaɓi lambar matar Kaduna. Ya gwada a lambar matarsa, ya yi daidai. Na tafi gida. Wannan tafiyar ita ce abin da na fi yi wa kaina faɗa a kai har yau. Da na ƙwace wayar na tura, iyaka ya yi fushi da ni kwana biyu.

Ranar Alhamis muna da jarabawa a makaranta, ban samu fita ba sai bayan azahar. Na hau mashin kai tsaye zuwa gidan. Na same shi yana alwala, fuskarsa a sake. Ya ce, "An tura, tun ƙarfe goma."

Na ce alhamdu lillahi, na ɗauki wayar don in gani da idona. Sai na ga saƙon da ke ƙarƙashin sunan matar ba sakan hamsin da biyu ba ne, hamsin da tara ne. Na danna.

"Salamu alaikum, Hajiya. Ina kwana, an tashi lafiya? Ya aiki, ya iyali, ya ƙoƙari da jama'a? To madalla, Allah shi taimaka, Allah shi ba da lada. Wane ne ke magana daga Funtuwa. Dama kan maganar aikin nan ne na Malumfashi. To, harkar auduga dai an ɗan taɓa, an ɗan jima a ciki. Ba wani sani gare mu ba, amma dai ba a rasa ba. In an ba mu dama za mu gwada bakin ƙoƙari, da yardar Allah. In kuma akwai wanda ya fi cancanta, to Allah shi ba mai rabo sa'a. A yi haƙuri da damuwa. Na gode, a huta lafiya."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Yaya, me ka yi haka?"

Ya ce, "Na saurari wancan da asuba har sau uku. Wallahi Auta, ji na yi kamar wani ne ba ni ba. In na tura mata shi, ranar da ta gan ni da wane ido zan dube ta? Wannan ɗin dai ta ji mutum mai mutunci. Ai Bahaushiya ce, za ta gane."

A wani ɓangaren gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya tashi a nan ya san in dattijo ya ce maka "an ɗan taɓa," to ka kama kanka, gwani ne a gabanka. Maɗorin unguwarmu da ake kawo wa karaya daga Bakori da Ɗanja, in ka tambaye shi ko ya iya ɗori, abin da zai ce ke nan. Amma shi maɗori kana ganin furfurarsa, kana ganin layin mutane a ƙofar gidansa, ga wanda ya rako ka yana raɗa maka ko wane ne. Matar Kaduna ba ta da ko ɗaya a cikin waɗannan. Murya ce kawai a cikin tulin muryoyin mutanen da ba ta sani ba, kowa na faɗin shekarunsa da abin da ya iya.

Na ce bari mu goge, ai ana iya goge saƙo daga ɓangare biyu in bai daɗe ba. Sai na duba 'yar alamar makirfo da ke jikin saƙon. Ta riga ta koma shuɗiya. Ta saurara.

Na ce to mu tura mata na jiya, mu ce kuskure aka yi. Ya ce, "Sha biyu ta wuce. Kuma in ta ji biyun, sai ta ce a ɗaya na yi ƙarya." Na yi magiya, na yi faɗa, har na ce masa kunyarsa ba za ta ɗiga wa Inna magani a ido ba. Ban taɓa gaya masa magana mai zafin wannan ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Inna ta ce, "Ki ji tsoron Allah, yayanki ne." Na yi kuka a kicin wajen matarsa, ita kuwa ta ci gaba da tankaɗe.

Amsa ta zo ranar Litinin, a rubuce. Matarsa ce ta kira ni, na je na karanta da kaina.

"Mun gode, Malam, mun saurari saƙonka. A wannan karon kamfanin na neman wanda ya ƙware sosai a tantance kaya, wanda zai iya tsayawa shi kaɗai daga ranar farko. Za mu ajiye takardunka ko da wata dama ta fito ta masu neman ƙarin gogewa. Allah ya sa a dace."

Masu neman ƙarin gogewa. Na karanta layin nan ya fi sau biyar. Na so in ji haushin matar, na ce ai takardunsa na gabanta, shekara goma sha tara a rubuce. Amma na san yadda takarda take a ƙasar nan, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama, shi ya sa ma suka nemi jin murya. Ta tambayi mutum abin da ya iya, ya ce mata da bakinsa ba wani sani gare shi ba. Ban ga laifinta ba, kuma rashin wanda zan ɗora wa laifin ya fi komai ci mini rai.

Yaya ya karanta sau ɗaya ya ce, "Ba rabo." Ya tashi ya gyara wa akuya igiya.

Da na koma gida na yi abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Na riga na kwafe lambar matar. Na tura mata wancan saƙon na ranar Laraba daga wayata, na rubuta a ƙasa cewa ni ƙanwarsa ce, don Allah ta ba shi sakan hamsin da biyu kacal, wannan shi ne ainihin mutumin. Saƙon ya shiga. Na kira lambar sau biyu washegari, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Kwana da kwanaki ina fita daga aji in duba, ina cikin girki in duba. Alamar makirfon ba ta taɓa canja launi ba.

Da kaka ta ƙare Yaya ya tafi Zuba. Mun raka shi tasha da safe, ni da matarsa. Kafin ya fita daga gida ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake ɗiga wa Inna maganin, ɗigo ɗaya a kowane ido, a ja fatar ƙasa a hankali, kada bakin kwalbar ya taɓa idon. Na ce ai na sani. Ya yi murmushi ya ce, "Ke dama komi kin iya." Yanzu kowace safiya sai na biya ta gidan kafin in wuce makaranta. Inna takan ce hannuna ya fi nasa nauyi.

Wani da suka yi aiki tare ya gaya mini daga baya cewa wanda aka ɗauka a Malumfashi yana cikin waɗanda Yaya ya koya wa aikin, kuma ba laifi, yana ƙoƙari. Da na gaya wa Yaya a waya ya ce, "Madalla, yana da hannu. Allah shi riƙa mashi." Ina jin ƙarar tifa na sauke yashi a bayansa. Na tambaye shi ya aikin gadin, ko ya saba. Ya ce, "To, ana ɗan taɓawa."

Na canja waya sau ɗaya tun lokacin, sai da na tsaya a kan mai gyaran har ya tabbatar mini saƙon ya biyo ni cikin sabuwar. Wata rana da hantsi ina gidan, bayan na ɗiga wa Inna magani, na kunna shi ban lura ta ji ba. Ta daina laluben carbinta ta karkato kunne har ya ƙare. Ta ce, "Wane ne wannan mai cika baki da muryar babbanku?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

Maganin na ta gangaro mata a kumatu. Can ta ce, "Sake sa mani in ji."